Tsakanin “Sun” da “Suka”: Gajeren Labari Don Mai Koyon Harshe

A cikin kayan koyar da harshe akwai wani irin gajeren labari da ake rubutawa bisa sharaɗi biyu. Na farko, kowane aiki da ke cikin labarin ya zo a shuɗaɗɗen lokaci, wato a faɗe shi a matsayin abin da ya faru ya ƙare. Na biyu, kalmomin su zama na yau da kullum, irin waɗanda ake ji a gida da kasuwa da tashar mota. Wanda ake rubuta wa shi ne ɗalibin da ya kai tsaka-tsaki: ya wuce gaisuwa da ƙidaya, yana iya cinikin tumatir ko tambayar hanya, amma in aka miƙa masa jarida ko littafin hikaya, ba ya kai ƙarshen shafi sai ya ajiye.

Dalilin zaɓen shuɗaɗɗen lokaci ba ɓoyayye ba ne. Da shi ake ba da labari a yawancin harsuna, kuma labari yana jan mai karatu gaba saboda yana son jin abin da ya biyo baya. In aka tsare lokacin a wuri ɗaya, ɗalibi zai haɗu da siga iri guda sau da yawa a shafi ɗaya, har ta zauna masa ba tare da ya haddace jadawali ba.

Wannan dabara a fagen koyar da Turanci ta fara ƙarfi. Michael West, wani malami Bature da ya yi aiki a Bengal ta ƙasar Indiya, ya lura cewa littattafan da ake ba yara cike suke da baƙin kalmomi, har yaro ba ya iya karanta layi biyu bai tsaya ba. A shekarun 1920 ya shiga rubuta littattafan karatu masu ƙayyadaddun kalmomi, inda sabuwar kalma ke shigowa jefi-jefi kuma a maimaita ta. A 1953 ya fitar da jerin kalmomin Turanci kimanin 2,000 da suka fi amfani ga mai koyo. Kamfanonin ɗab'i sun bi wannan hanya har yau. A wani sanannen jerin littattafai na maɗaba'ar Jami'ar Oxford, matakin farko yana aiki da kalmomi 250, na ƙarshe 2,500, na tsakiya kuwa 1,000 zuwa 1,400. Masu bincike sun kuma gwada yawan baƙin kalmomin da mai karatu zai iya jurewa. Batia Laufer a 1989 ta nuna cewa ana bukatar sanin kashi 95 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin a fahimce shi gwargwado, wato baƙuwa ɗaya cikin ashirin. A shekarar 2000 Marcella Hu da Paul Nation suka ɗaga ma'aunin zuwa kashi 98 ga wanda zai yi karatu shi kaɗai ba malami ba ƙamus, wato baƙuwa ɗaya cikin hamsin.

A Turanci sharaɗin lokacin yana da sauƙin faɗa, domin aikatau ɗin kansa ne ke canjawa: yawanci a liƙa masa ɗafa-ƙeya, wasu kuma su sake kama gaba ɗaya sai an haddace su. Hausa ba haka take ba, kuma a nan ne maganar ta fi daɗin bi. Masu koyon Hausa ba kaɗan ba ne: akwai 'yan kasuwar kudu da ke zaune a Kano da Kaduna, da masu bautar ƙasa da aka turo arewa, da ɗaliban jami'o'in Turai da Sin. Duk wanda ya zauna zai rubuta musu labari da shuɗaɗɗen lokaci kaɗai, tambayar farko da zai ci karo da ita ita ce: wanne daga ciki?

Shuɗaɗɗen lokaci biyu ne

A Hausa aikatau ba ya ɗauke da alamar lokaci. *Tafi* tafi ne ko jiya ko gobe. Ƙaramar kalmar da ke gabansa, wadda masu nahawu ke kira lamirin suna, ita ce ke nuna wanda ya yi aikin da kuma lokacin. Don abin da ya wuce, Hausa tana da jeri biyu. Jerin farko, wanda ake kira shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, shi ne *na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, an*. Na biyu shi ne *na, ka, kika, ya, ta, muka, kuka, suka, aka*. Bahaushe yana zaɓa tsakaninsu ba tare da tunani ba, amma baƙo sai an nuna masa.

Jerin *sun* yana sanar da cewa abu ya riga ya auku, kuma sakamakonsa yana nan. Wanda ya shigo ya ce “Baƙi sun zo” sanarwa ya yi, zancensa ya cika. Jerin *suka* kuwa shi ke jera aukuwa ɗaya bayan ɗaya: suka zo, suka zauna, suka ci abinci. Da mutum zai shigo ɗaki ya ce “Baƙi suka zo” ya yi shiru, sai a bi shi da kallo ana jiran sauran zance. Saboda haka ƙashin bayan kowane labari *suka* ne, *sun* kuma yana shigowa ne inda ake son komawa baya a faɗi abin da ya riga ya kasance kafin wannan gaɓa. Ban da jera labari, akwai wuraren da *suka* ya zama dole: bayan *da* mai nufin lokacin da, bayan *wanda* da *inda* da *abin da*, bayan kalmomin tambaya irin su *wa* da *me* da *yaushe*, da kuma inda aka ƙarfafa wani abu, kamar “yara ne suka fasa”. Abin sauƙi ɗaya shi ne korewa. Jerin biyu duk korewarsu guda ce: *ban zo ba, bai zo ba, ba ta zo ba, ba su zo ba*.

Matsalar da ta fi girma rubutu ne ya haifar da ita. A baki, *ya* na jerin farko dogon wasali gare shi, na jeri na biyu gajere. Akwai kuma wani *ya* na uku mai karin sauti ƙasa, wanda ba shuɗaɗɗe ba ne sam, shi ne na fata da umarni, kamar a “Allah ya kiyaye” ko “a ce masa ya shigo”. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutu, don haka duka ukun *ya* ake rubutawa. Haka *ta* da *ka*. Labarin da jaruminsa mutum ɗaya ne zai cika da *ya tafi, ya zauna, ya ce*, ɗalibi ya karanta shi daga farko har ƙarshe bai taɓa sanin cewa abubuwa daban-daban ya wuce ta kansu ba. Ranar da ya tashi ba da labarin mutum biyu sai asiri ya tonu.

Maganin wannan mai sauƙi ne, kuma shi ne shawara mafi amfani a duk wannan fage: a sa jaruman labarin su zama biyu. A jam'i babu ɓuya, domin *sun* da *suka* da *su* kowanne da kamanninsa a takarda. Marubucin ma yana iya amfani da wannan ya binciki kansa. Duk inda ya yi shakkar wani *ya*, sai ya mayar da jimlar jam'i. In ta ba da *sun* ko *suka*, tana cikin sharaɗi. In ta ba da *su*, ta fita.

Labarin gwaji

Ga misalin irin wannan labari, an gina shi a kan 'yan'uwa biyu saboda dalilin da aka ambata:

Audu da Sani 'yan'uwa ne. Bara ruwa bai yi yawa ba, gonarsu ba ta ba da hatsi sosai ba. Kafin damina abinci ya ƙare a gida. Ranar Laraba babansu ya kira su, ya ba su akuya ɗaya da igiya. Suka ɗaure akuyar, suka kama hanyar kasuwa.

Da suka isa kasuwa sun riga sun gaji, sai suka zauna a gindin bishiya suka sha ruwa. Wani tsoho ya zo ya duba akuyar. Ya yi tayi, ba su yarda ba. Ya ƙara kuɗi, suka yarda. Tsohon ya biya su, ya ja akuyar ya tafi. Audu da Sani suka sayi gero rabin buhu da gishiri kaɗan. Sani ya ga takalmi mai kyau, amma bai saye shi ba, domin kuɗin sun ƙare.

Suka ɗauki kayansu suka koma gida da yamma. Da suka shiga, sai suka tarar akuyar ta riga su zuwa. Ta tsinke igiya ta gudo. Yara sun ba ta ruwa, sun ba ta dusa. Audu ya yi dariya, amma babansu bai yi ba. Ya ce, “Kun sayar da ita, kun karɓi kuɗi. Akuyar nan ba tamu ba ce.”

Da gari ya waye suka sake ɗaure ta, suka kama hanya. Ba su yi nisa ba sai suka haɗu da tsohon. Ya neme ta dukan dare bai gan ta ba. Da ya ga akuyar sai ya tsaya, bai ce kome ba. Sani ya miƙa masa igiyar. Tsohon ya karɓa, ya yi godiya, ya sa hannu a aljihu ya ba su goro biyu.

Suka dawo gida da rana tsaka. Babansu ya tambaye su, “Kun same shi?” Suka ce, “Mun same shi, Baba.” Da dare suka ji kuka a ƙofar gida. Suka fita suka duba. Akuyar ce ta sake dawowa.

Labarin bai kai kalma 300 ba, kuma *sun* ya fito a cikinsa sau biyar kawai, sauran tafiyar duk *suka* ne ya ja ta. Amma waɗannan biyar ɗin su ne darasin. “Da suka isa kasuwa sun riga sun gaji” ta haɗa jerin biyu a jimla ɗaya: isowa gaɓa ce a cikin labari, gajiya kuwa ta riga ta samu tun a hanya. “Domin kuɗin sun ƙare” dalili ne, ba sabuwar aukuwa ba. Wurin da ya fi nuna bambancin shi ne “Yara sun ba ta ruwa”. Da an rubuta “Yara suka ba ta ruwa”, ma'anar za ta zama cewa a gaban Audu da Sani aka ba ta, bayan sun shigo. Da *sun*, mai karatu ya san cewa akuyar ta daɗe a gida, har ta ci ta sha kafin masu sayar da ita su iso. Abin dariyar da ke cikin labarin a kan wannan 'yar kalma ya rataya.

Jimlar “Ta tsinke igiya ta gudo” tana nuna amfanin gwajin jam'i. A ido ba a san wane *ta* ba ne. In aka ce awaki biyu ne, sai ta koma “Sun tsinke igiya sun gudo”, domin abin ya faru tun kafin a shigo gida. Ashe jerin farko ne, kuma malamin da zai karanta labarin da ƙarfi sai ya ja wasalin. Zancen baban ma an zaɓe shi da gangan. Maganar baki ita ce ƙofar da sauran lokuta suka fi shigowa ta cikinta, domin mutane ba sa hira da shuɗaɗɗen lokaci kaɗai. An ba shi maganar da ta dace da sharaɗin da kanta, ta tuni da abin da aka riga aka yi, ta haka kuma *kun* da *mun* suka samu shiga.

Inda sharaɗin ke yoyo

Wanda ya gwada rubuta irin wannan labari zai ga cewa hannunsa yana zamewa zuwa *yana* da *suna* tun a layi na uku. Haka Hausa take ba da labari: “suna cikin tafiya sai suka haɗu da wani tsoho.” Wannan *suna* ba ta da laifi a nahawu, kuma ba ta nufin yanzu, domin lokaci mai ci yana ɗaukar zamaninsa daga abin da ke kewaye da shi. Amma ta karya sharaɗi, don haka a labarin sama aka musanya ta da “Ba su yi nisa ba sai suka haɗu da tsohon”, wadda ita ma Hausa ce lafiyayya. “Ya kwana yana nemanta” ta koma “Ya neme ta dukan dare”. Da an bukaci a ce suna jin yunwa, sai a ce yunwa ta kama su.

Hausa tana taimakawa a nan ta wata hanya da Turanci ba shi da ita sosai. Akwai aikatau da yawa waɗanda in sun zo da jerin farko suna bayyana hali ne: ya tsufa, ta cika, sun gaji, ya bushe, ta lalace, ya isa. Da su ana iya siffanta mutum ko wuri ba a taɓa *yana* ba. Maimakon a ce rijiyar ba ta da ruwa, sai a ce rijiyar ta ƙafe.

Yoyo na biyu ya fi wuyar gani, shi ne *su* da *ya* na manufa da umarni. “Babansu ya ce su kai akuya kasuwa” jimla ce da kowa zai rubuta, amma *su kai* ba shuɗaɗɗe ba ne. Haka duk abin da ya biyo bayan *don* na manufa ko *kafin* in jimla ce: don su sayi gero, kafin su isa. Hanyar kauce wa wannan ita ce a sa suna a wurin, kamar “kafin damina” ko “suka tafi sayen gero”, ko kuma a bar aikin ya faɗi kansa, kamar yadda uban ya miƙa akuya da igiya kawai, mai karatu ya gane saƙon.

Akwai kuma akasin haka, inda siga ta shuɗaɗɗe ce amma ma'ana ba ta wuce ba. “In sun zo” magana ce a kan gaba. “Na tafi” da mai sallama ke faɗa yana tsaye bai ko ɗaga ƙafa ba. Mafi haɗari ita ce *sai*, wadda ke canja ma'ana da kowane jeri: “sai suka biya” labari ne, “sai sun biya” sharaɗi ne ko tilas, “sai su biya” kuwa shawara ce ko abin da aka saba. A labarin masu koyo ya kamata *sai* ta tsaya a ma'anar farko kaɗai har ƙarshe.

Sauran su ne *ne* da *ce* da *akwai* da *babu*. Waɗannan ba aikatau ba ne, ba su da lokaci ko kaɗan, don haka ba su karya kome ba. Masu tsanantawa sukan cire su, amma abin da ke fitowa daga nan Hausa ce mai ɗingishi. Labarin sama da *ne* ya buɗe, jimlarsa ta ƙarshe kuma *ce* ta ɗauke ta, kuma da wuya a sami wata hanyar faɗin “Akuyar ce” da za ta yi wannan aiki.

Wace kalma ce ta yau da kullum

Sharaɗi na biyu yana da tasa rigimar. Marubucin Hausa yakan dogara ne da kunnensa da littafin da ɗalibansa suka riga suka karanta, kuma kunnen ɗan harshe yana ruɗi, domin duk abin da ya sani tun yana yaro gani yake kowa ya sani. In aka bi ma'aunin baƙuwa ɗaya cikin hamsin, labari mai wannan tsawo bai kamata ya ɗauki baƙin kalmomi fiye da biyar ko shida ba. A labarin akuya waɗanda ake zaton za su tsayar da ɗalibi su ne *tayi, gindi, tsinke, dusa* da *miƙa*. Kowacce an ajiye ta inda maƙwabtanta za su fassara ta. *Tayi* ta zo tsakanin duba akuya da ƙara kuɗi, *dusa* ta zo bayan ruwa a matsayin abin da aka ba dabba, *tsinke* tana manne da igiya da gudu. Baƙuwar kalmar da aka jefa ba mai yi mata jagora ita ce ke tura ɗalibi ga ƙamus, daga nan kuma zaren labari ya yanke.

Ƙidayar kalmomi ma ba ta da sauƙi a Hausa. *Akuya* da *awaki* kalma ɗaya ce a wurin Bahaushe, amma a wurin baƙo biyu ne, haka *mace* da *mata*, ko *ɗa* da *'ya'ya*. Shi ya sa labarin ya tsaya a akuya guda. Sai kuma aikatau, wanda ko da yake lokaci ba ya canja shi, abin da ke biye da shi yana canja shi. F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, ya kasa aikatau na Hausa zuwa aji bakwai a 1960, kuma aji na biyu shi ne mai ba ɗalibai wahala. Aikatau na wannan aji yana ƙarewa da *i* in suna ya biyo baya, da *e* in wakilin suna ne, da *a* in ba abin da ya biyo: ya sayi gero, ya saye shi, abin da ya saya. Labarin ya kawo wannan da niyya. Akwai “suka sayi gero” kusa da “bai saye shi ba”, akwai “kun karɓi kuɗi” sannan “tsohon ya karɓa”, akwai kuma *ga* da *gan* a “ya ga akuyar” da “bai gan ta ba”. Ɗalibi na tsaka-tsaki ya riga ya ji wannan ƙa'ida a aji, abin da ya rage masa shi ne ya gan ta tana aiki sau da yawa. Amma *sayar* a bakin uban wata kalma ce dabam a wurinsa, tunda ma'anarta kishiyar *saya* ce, kuma dole a lissafa ta daban.

Tarko mafi zurfi shi ne kalmar da kowa ya sani amma aka ba ta ma'anar da ba kowa ya sani ba. Ba ɗalibin da bai san *ci* da *sha* ba. Sai dai *ci amana, ci bashi, ci kasuwa* da *ci gaba* ba su da alaƙa da abinci, haka *sha wahala, sha iska* da *sha kashi* ba ruwansu da ƙishirwa. Mai ƙidaya zai ga duk kalmomin sanannu ne ya wuce, alhali ɗalibi ya tsaya cik yana mamakin yadda ake shan kashi. A labarin sama *sha* ruwa kawai aka sha da ita. An bar “kama hanya” domin ana jin ta kullum kuma an maimaita ta sau biyu. Karin magana da kalmomin amsa-kama irin su *wuf* da *tsit*, duk da su ne gishirin labarin Hausa, a wannan mataki gara a jinkirta su.

Akwai kuma tambayar Hausar ina. Ɗalibin da ke zaune a Sakkwato zai ji *sunka* da *munka* da *anka* a titi inda littafi ya ce *suka, muka, aka*. Wanda ke Maraɗi ko Damagaram zai ji *mato* da *lakwal* inda na Kano ke jin *mota* da *makaranta*. Daidaitacciyar Hausa ce aka saba rubuta irin waɗannan labarai da ita, amma malamin da ya san inda ɗalibansa za su yi amfani da harshen yakan faɗa musu sigar garin tun a karatun farko.

Yadda ake gane ko ya yi aiki

Gwajin farko na labarin ne, ba na ɗalibi ba. Ana ba mutum biyu ko uku daga cikin waɗanda aka rubuta dominsu, a ce su karanta ba ƙamus, su ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba su sani ba. In layukan sun wuce shida ko bakwai a labari mai wannan tsawo, labarin ne ya yi nauyi, sai a koma a sassauta. In ba layi ko ɗaya, ya yi sauƙi da yawa. Wata alamar ita ce dariya: wanda ya kai jimlar ƙarshe ta labarin akuya bai ko murmusa ba, akwai inda zaren ya kuɓuce masa.

Daga nan sai a rufe takarda a ce ya maimaita labarin da bakinsa. Kuskuren da aka fi ji shi ne jera *sun*: sun tafi kasuwa, sun sayar da akuya, sun dawo gida. Kowace jimla daidai take ita kaɗai, amma a haɗe sun zama rahoto, kamar mai ba da bahasi a gaban alƙali. Kuskure na biyu shi ne “da sun isa kasuwa” a maimakon “da suka isa”, wanda ke juya ma'anar zuwa abin da bai faru ba tukuna. Wanda ya yi ɗayan waɗannan ya fahimci labarin, amma bai kama jerin biyu ba.

Aikin da ya fi gyara wannan shi ne sauya mai ba da labari. A ce ɗalibi ya zama Audu, ya ba da labarin da *mun* da *muka*: muka ɗaure akuyar, da muka isa mun riga mun gaji. Sannan a ce ya zama uban yana tuna wa 'ya'yansa abin da suka yi, da *kun* da *kuka*. A ƙarshe a mayar da tsohon ya zama tsofaffi biyu, wanda zai tilasta masa ya yanke hukunci a kan kowane *ya* da ya wuce a ɓoye. “Ya zo ya duba” za ta zama “suka zo suka duba”, amma “Ya neme ta dukan dare” sai ta zama “Sun neme ta”, domin neman ya riga haɗuwar.

Irin wannan labari yana da iyaka, kuma masu amfani da shi sun san da ita. Ba ya iya nuna abu biyu suna faruwa a lokaci guda, ba ya iya shiga zuciyar jarumi ya faɗi abin da yake so ko yake tsoro, hirar da ke cikinsa kuma gajera ce dole. In ya wuce shafi biyu ko uku, *suka* takan fara gundura. Shi ya sa bayan labari huɗu ko biyar na wannan iri akan buɗe ƙofa ɗaya, a bar *yana* da *suna* su shigo, sauran sharuɗɗan na nan yadda suke. Sau da yawa tsohon labarin ake dawowa da shi a faɗaɗa, domin kalmominsa sun riga sun zama sanannu. A sabon zubin, Audu da Sani za su shigo gida su tarar akuyar tana cin dusa, yara suna kewaye da ita, babansu kuma yana zaune a kan tabarma yana kallonsu.